Taswirar Harabar Makaranta: Yadda Ake Shirya Darasin Labarin Ƙasa a Wajen Aji

A taswirorin da ɗaliban sakandare ke karantawa don jarrabawar WAEC, an fi ganin ma'aunin 1:50,000. Wato santimita ɗaya a takarda yana daidai da mita 500 a ƙasa. A irin wannan taswira, makarantar da tsawon harabarta ya kai mita 120 ba za ta cika milimita uku ba. Ɗigon alƙalami ne kawai. Ga shi kuma ana so yaro ya dubi takardar ya faɗi inda tudu yake, inda kwari yake, da inda rafi ya nufa, a yankin da bai taɓa takawa ba.

Shi ya sa gogaggun malaman labarin ƙasa suke farawa da filin da yaro ke ratsawa kowace safiya. Manhajar aji ɗaya na babbar sakandare a Nijeriya ma da nazarin gari da ƙauyen ɗalibi take buɗewa. Sai dai fitar da yara waje da takarda a hannu bai isa ya zama darasi ba. Abin da ke bambanta darasi da yawon shan iska shi ne tambaya guda ɗaya wadda sai da taswirar za a iya amsa ta, kuma duk sauran shirin malami yana bin bayan wannan tambayar ne.

Tambayar da za a fita da ita

A ɗauki misalin wata malama a makarantar gwamnati a Kano, mai ɗalibai 60 a aji, a zangon karatu na uku, cikin watan Yuni ko Yuli lokacin da damina ta kankama. Idan ta ce wa yara su fita su zana makaranta, za su dawo mata da zane 60 masu kyan gani, amma babu abin da za a tattauna a kansu. Idan kuwa ta tambaye su ina ruwa yake zuwa a harabar nan bayan an ɗauke ruwan sama, kuma me ya sa yake kwanciya a inda yake kwanciya, to ta ba su aikin da ke da amsa a ƙasa, amsar da babu ita a littafi.

Tambayar tana da kyau domin kowane yaro yana da abin cewa a kanta. Wanda ya taɓa cire takalmi ya ratsa taɓo kafin ya isa aji ya san wurin. Wanda ke buga ƙwallo ya san gefen filin da ke fara bushewa. Kafin a fita, malama za ta sa kowa ya rubuta hasashensa a layi ɗaya ko biyu, ta karɓe ta ajiye. Wani zai ce bakin ƙofa ne, domin nan aka fi tattakawa. Wata za ta ce bayan ajujuwa ne, saboda ruwan kwano. Waɗannan takardu za su yi amfani a rana ta ƙarshe, lokacin da za a gwada abin da aka zata da abin da aka gani.

Taswirar da malama za ta fara zanawa

Kuskuren da aka fi yi shi ne a bar wa yara aikin zana taswirar daga farko a ranar fita. Lokaci zai ƙare suna gardamar inda katanga ta tsaya. Malama ce za ta shirya taswirar tushe tun mako guda kafin ranar, kuma ta bar ta da gangan babu cikakken bayani: katanga, ƙofa, gine-gine, rijiya ko famfo, da manyan itatuwa. Sauran farin wurin na yara ne.

A ce harabar tana da tsawon mita 120 da faɗin mita 80. Takardar A4 tana da santimita 29.7 a tsawo da 21 a faɗi. Idan aka zaɓi ma'aunin 1:500, santimita ɗaya zai tsaya a madadin mita 5, sai harabar ta zama santimita 24 da 16. Ta shiga takardar ke nan, har da ragowar wuri a gefe don rubuta suna, alamomi da kibiyar arewa. Ginin ajujuwa mai mita 30 da 8 zai fito santimita 6 da 1.6. Da za a ɗauki 1:1,000, ginin zai ƙanƙance har yaro ya rasa inda zai sa alama a gefensa. Da kuma za a ɗauki 1:200, sai an nemi takarda mai santimita 60, wadda iska ba za ta bar yaro ya riƙe ba.

Awon kansa yana farawa daga katanga mafi tsawo kuma mafi miƙewa. Da tef na mita 30 ko 50, irin na magina, da mutum biyu, ana auna katangar, sannan a auna nisan kusurwar kowane gini daga gare ta. Abin da ke tsaye shi kaɗai a fili, kamar itacen darbejiya, ana samun matsayinsa ta hanyar auna shi daga wurare biyu da aka riga aka sa a takarda. Idan itacen yana da nisan mita 20 daga wata kusurwar gini da mita 15 daga wata, sai a buɗe abin zana da'ira na akwatin lissafi zuwa santimita 4 a ja lanƙwasa daga kusurwa ta farko, a buɗe shi zuwa santimita 3 a ja daga ta biyu. Inda layukan suka gitta, nan itacen yake.

Mai wayar hannu zai iya duba hoton tauraron ɗan'adam a Google Earth don ya ga siffar harabar daga sama, kuma hakan yana rage aiki. Amma hoton na iya zama tsoho, ya rasa sabon ginin da aka yi bara. Ganyen itatuwa yana ɓoye abin da ke ƙarƙashinsa, kuma abin da ake gani rufi ne, wanda ya fi bangon ginin faɗi. Don haka ko an kwafo daga hoto, sai an fita da tef an tabbatar da tsawon abu biyu ko uku.

Akwai wani tarko a wurin mai fotokwafi. Injin yakan rage ko ya ƙara girman zane kaɗan don ya dace da takarda, kuma da zarar ya yi haka, rubutun 1:500 ya zama ƙarya. Maganinsa shi ne a ja layin ma'auni a kan taswirar, layi mai santimita 10 da aka rarraba aka rubuta 0, 10, 20 har zuwa mita 50. Idan takarda ta ƙanƙance, layin zai ƙanƙance tare da ita. Malama ta auna layin da rula a kwafin farko kafin ta biya kuɗin sauran.

Abu na ƙarshe shi ne a raba taswirar gida-gida kamar gidan dara. Kowane gida santimita 2 ta kowane gefe, wato mita 10 a ƙasa. Za a sami jeri 12 a tsawo, a sa musu haruffa daga A zuwa L, da jeri 8 a faɗi, a sa musu lambobi. Gidaje 96 ke nan, kowanne da sunansa. Maimakon yaro ya ce can wajen bayan ofis, zai ce C7, kuma kowa a ajin zai ɗora yatsa a wuri ɗaya. Wannan shi ne tushen karanta lambobin layukan da zai tarar a babbar taswira ranar jarrabawa.

Ina arewa take?

Kibiyar arewa ƙaramin zane ce, amma ita ce ta fi yawan fitowa a karkace. Mutane da yawa sukan dubi masallacin makaranta su ɗauka yana kallon gabas sak. A Kano alƙibla tana wajen digiri 68 daga arewa, gabas kuwa digiri 90 ce. Wato masallacin da aka daidaita shi sosai ya karkata zuwa arewa da fiye da digiri 20. Wanda ya ɗauki bangon masallaci ya fitar da arewa daga gare shi ba tare da gyara ba, taswirarsa za ta juya da wannan adadin.

Fitowar rana ma ba abin dogaro ba ce a kowane wata. Rana tana fitowa daga gabas sak ne kawai a wajen 21 ga Maris da 23 ga Satumba. A ƙarshen Yuni tana fitowa kimanin digiri 24 arewa da gabas, a ƙarshen Disamba kuma ta koma kudu da irin wannan tazara. Haka nan ƙa'idar da ke cikin littattafan da aka rubuta don Turai, cewa inuwar tsakar rana tana nuna arewa, ba ta aiki a Kano duk shekara. Garin yana kan digiri 12 arewa da tsakiyar duniya, saboda haka daga ƙarshen Afrilu zuwa wajen 20 ga Agusta rana tana ratsawa ta arewacin kai, inuwar tsakar rana ta faɗi kudu. A daidai watannin da malamar nan ke shirya darasinta ke nan.

Hanyar da ke aiki a kowane wata ita ce ta sanda da igiya. A kafa sanda mai mita ɗaya a miƙe a wuri mai shafe. Da misalin ƙarfe 11 na safe a sa tsakuwa a ƙarshen inuwar, a ɗaura igiya a gindin sandar a ja da'ira da ta bi ta kan tsakuwar. Inuwa za ta gajarta ta shige cikin da'irar, sannan ta sake tsawo. Da ta taɓa da'irar a karo na biyu, wajen ƙarfe biyu saura, sai a sa wata tsakuwar. Layin da ya haɗa su ya tashi daga yamma zuwa gabas, tsakuwar safe ce ta yamma. Wanda ya tsaya da gabas a hannun damansa, arewa yake fuskanta. Idan akwai kamfas, ko na cikin waya, a gwada shi da wannan layin, amma a tsakiyar fili, nesa da ƙofar ƙarfe da sandunan ƙwallo da tankin ruwa, domin ƙarfe yana jan allurarsa.

Darasi na farko, a cikin aji

Aikin yana buƙatar zama uku: minti 40 na shiri, minti 80 na fita, sai minti 40 na tattara sakamako. A zaman farko ana raba taswira, kuma abu na farko da za a koya shi ne riƙe ta. Yaro ya shimfiɗa ta ya juya ta har kibiyar arewa ta nuna arewa ta gaske, sannan ya nuna ajin da yake zaune. Malama za ta gane wanda bai fahimta ba da tambaya ɗaya: ya nuna da hannu inda famfo yake, yana kallon takarda kawai. Idan hannu ya nufi wani waje dabam, taswirar ba ta zauna daidai ba.

Wasu yara, musamman waɗanda ba su saba da taswira ba, sukan zana abu yadda suke ganinsa daga gefe, itace da rassansa, gini da tagoginsa. Hanya mafi sauƙi ta gyara wannan ita ce a ajiye bokiti da littafi da takalmi a ƙasa, yara su tsaya a kansu su zana abin da ido ke gani daga sama. Bokiti zai zama da'ira, littafi ya zama mai kusurwa huɗu. Minti biyar ya isa.

A wannan zaman ne kuma ake yarda a kan alamomi. Ajin zai raba saman ƙasar harabar kashi huɗu: rufi ko siminti, fako wato ƙasar da aka tattake ta yi tauri, rairayi, da wurin ciyawa ko ƙarƙashin itatuwa. Kowanne da harafinsa. Sai kibiya don hanyar da ruwa ya bi, da shuɗin launi ko layuka a jere don inda ya kwanta. Dole a tsayar da ƙa'ida ga gidan da ya haɗa iri biyu: wanda ya fi rabi shi za a rubuta. Idan ba a yi wannan ba, rukuni ɗaya zai kira wuri fako, na kusa da shi ya kira irin wurin rairayi, a rasa yadda za a haɗa sakamakon.

Tef ɗaya ba zai ishi yara 60 ba, don haka kowa zai koyi awo da taku. Malama ta shimfiɗa mita 30 a gaban aji, yaro ya taka da tafiyarsa ta yau da kullum sau biyu, ya ɗauki matsakaici. Wanda ya yi taku 50, takunsa santimita 60 ne. Kada a ari lissafin wani. Idan mai takun santimita 65 ya yi aiki da 60, bayan taku 200 ya yi kuskuren mita 10, gida guda cur a taswira.

Ranar fita

Ranar da ta fi dacewa ita ce safiyar da ta biyo bayan ruwan dare, lokacin da sawun ruwa yake nan a ƙasa. Tun da ba malama ce ke da ikon hadari ba, sai ta nemi yardar shugaban makaranta tun da wuri cewa za ta iya musayar lokaci da wani malami a cikin makon. Idan aka kwana biyu ba ruwa, alamun ba su ɓace duka ba: akwai ƴan layukan da ruwa ya zaizaye, da inda ya tara yashi da ledoji da busasshen ganye, da laka mai santsi da ta bushe ta tsage a inda ya daɗe a kwance.

Kafin yara su fito, malama ta zagaya ita kaɗai ta sa alama a taswirarta inda ba za a je ba: ramin masai da ya fara zubewa, rijiyar da ba murfi, tarin fasassun kwalabe, doguwar ciyawar da maciji ko kunama za su iya laɓewa. Kowa da takalmi, kuma a gama kafin rana ta take.

Yara 60 sun zama rukuni 12 na mutum biyar-biyar. Gidaje 96 a raba su 12, kowane rukuni ya sami takwas, wato fili mai mita 40 da 20. A cikin rukuni, ɗaya yana riƙe taswira yana kula da arewa, ɗaya yana rubutu, biyu suna taku da awo, na biyar yana kula da lokaci da kayan aiki. Rabon aikin yana hana abin da aka saba gani, yaro ɗaya mai ƙwazo yana yin komai, huɗu suna tsaye a inuwa.

Minti goma na farko na tsayuwa ne a tsakiyar fili, kowa ya daidaita taswirarsa, kowane rukuni ya nuna iyakar yankinsa. Minti ashirin da biyar na gaba na bin gida-gida ne, ana rubuta irin ƙasar, ana ja kibiyoyi, ana shafa launi a inda ruwa ya kwanta tare da auna zurfinsa da rula. Sai minti talatin na gwaje-gwaje biyu. Ragowar minti goma sha biyar na dawowa ne, da wanke hannu, da duba cewa babu gidan da aka tsallake.

Gwaji na farko yana nuna saurin da ƙasa ke shan ruwa. Ana samun gwangwanayen tumatir manya masu girma ɗaya, a cire musu sama da ƙasa, a daddanne bakin don kada ya yanki hannu. A nutsa gwangwanin kamar santimita 3 a ƙasa, a zuba ruwa daidai gwargwado ɗaya a ko'ina, misali cikin ƙaramin kofi guda, a duba mintin da ya ɗauka kafin ya ɓace. A rairayi zai iya shanyewa cikin minti ɗaya ko biyu. A fakon da ake taron safe a kansa kullum, ana iya cika minti goma ruwan yana nan. A sa iyaka: idan minti goma ya wuce, a rubuta fiye da goma a tashi. Idan aka ga ruwa yana tsiyaya ta gefen gwangwanin, bai nutsu da kyau ba, sai a sake a wani wuri kusa.

Gwaji na biyu na gangare ne. Yawancin harabobi a ido shafe suke, amma ruwa ya san ba haka ba ne. Siririn tiyo mai garai-garai da magina ke daidaita gini da shi ya isa aikin. A cika shi da ruwa ba tare da kumfar iska ba, a kafa sanduna biyu da tazarar mita 10, a ɗaga bakunan tiyon a jikinsu. Ruwan zai tsaya a tsayi ɗaya a ɓangarorin biyu. Sai a auna daga ƙasa zuwa saman ruwan a kowace sanda. Idan ɗaya ta ba da santimita 60, ɗayar ta ba da 80, to wurin sanda ta biyu ya fi ƙasa da santimita 20. Faɗuwar santimita 20 a cikin mita 10 ita ce gangaren 1 cikin 50. Tiyo ɗaya ko biyu sun isa, malama ta zagaya da su zuwa inda kibiyoyin yara suke da shakka.

Haɗa sakamako

A zama na uku malama ta zana babbar taswira a allo ko a kwali, da gidajenta 96. Kowane rukuni ya fito ya cike nasa takwas. A nan ne kurakurai ke fallasa kansu, kuma wurin duba su shi ne kan iyaka. Idan kibiyar rukunin da ke D4 ta nufi yamma, ta E4 da ke manne da ita ta nufi gabas, ko dai akwai ɗan tudu a tsakaninsu, ko kuma wani ya riƙe taswirarsa a juye. Idan kibiya ta nufi wajen da tiyo ya nuna ya fi tsayi, kibiyar ce ba daidai ba. Ba a yanke hukunci daga kan kujera. A tura mutum biyu su je su gani, ai wurin yana bayan taga.

A ce ƙidayar ta fito haka: gidaje 48 fako, 18 rairayi, 18 ciyawa da itatuwa, 12 rufi da siminti. Rabin harabar ke nan ƙasa ce da ba ta shan ruwa da sauri, ga kuma kashi ɗaya cikin takwas da ba ya sha ko kaɗan. A ce ruwa ya kwanta a gidaje tara, bakwai daga cikinsu a kusurwar kudu maso yamma, kuma yawancin kibiyoyi can suka nufa. Yanzu tambayar ta koma dalili.

Lissafi ɗaya yana buɗe wa yara ido. Ruwan sama na milimita ɗaya a kan fili mai mita ɗaya ta kowane gefe lita ɗaya ne. Rufin ginin nan mai mita 30 da 8 yana da faɗin murabba'in mita 240. Idan aka yi ruwa na milimita 25, wanda ba abin mamaki ba ne a daminar Kano, rufin kaɗai zai zubo da lita 6,000, jarka 240 ta masu lita 25. Duk wannan yana sauka a siririn layi a gindin bango, a kan fako. Yaro zai iya bin sa da yatsa a taswira: daga bakin kwano, ta kan filin taro, bin gangaren 1 cikin 50, har kusurwar da katanga ta tare shi. Idan rukunin da ke wurin ya lura cewa ramin da aka bari a gindin katanga ya toshe da yashi da leda, an sami amsar tambayar, kuma yara ne suka haɗa ta daga abin da suka auna.

Daga nan sai a dawo da takardun hasashe. Wadda ta ce ruwan kwano ne ta yi gaskiya a kan tushen ruwan, amma ba ta faɗi inda zai tsaya ba. Wanda ya ce bakin ƙofa ya gane tasirin tattaka ƙasa, sai dai gangare ya kwashe ruwan daga can. Kowane ɗalibi ya rubuta sakin layi ɗaya da ke amsa tambayar, da sharaɗin ya ambaci sunayen gidaje uku da awo biyu. Da wannan rubutun, tare da taswirarsa mai suna, ma'auni, kibiyar arewa da bayanin alamomi, malama za ta ba da maki.

Iyakar abin da aka gano

Ya kamata yara su san inda sakamakonsu ya tsaya. Ruwan dare ɗaya suka gani, kuma ƙasar da ta riga ta jiƙe ba ta shan ruwa kamar busasshiya, don haka gwajin gwangwani na farkon damina zai bambanta da na Agusta. Gwaji ɗaya a gida mai mita 10 ba ya wakiltar gidan duka. Taku yana da kuskure. Sannan taswirar ta tsaya a katanga, ruwa kuwa bai san katanga ba: wani daga cikin wanda ya kwanta a harabar zai iya kasancewa daga titi ya shigo ta ƙarƙashin ƙofa.

Wannan gaɓar ita ce ƙofar shiga babbar taswira. Ruwan da ya fita ta gindin katanga yana shiga kwata, daga kwata zuwa rafi. A ƙasar Kano rafuka da yawa suna ƙarewa ne a kogin Haɗeja, wanda ke ratsa fadamun Haɗeja da Nguru ya haɗu da kogin Jama'are, abin da ya tsira daga rana da ban-ruwa ya bi Komadugu Yobe zuwa Tafkin Chadi. Ɗalibin da ya ja kibiya daga C7 zuwa B8 ya riga ya san abin da ake nufi da yankin da ke tara wa kogi ruwa, da tudun da ke raba ruwa gida biyu.

Ajin zai iya ci gaba da lura da gidajen nan tara na tsawon mako biyu, ɗalibi ɗaya yana rubuta kowace safiya ko ruwan yana nan. Sauro yana iya tashi daga ƙwai zuwa mai fiffike cikin kimanin mako guda zuwa kwana goma a lokacin zafi, don haka kududdufin da ya wuce mako bai bushe ba abu ne da za a kai wa shugaban makaranta a rubuce, da taswira a manne. Idan aka yashe ramin katangar ko aka sa wa ginin indararo da tanki, a ajiye taswirar da kwanan wata a jikinta. A watan Satumba, idan an dawo hutu kafin damina ta ɗauke, wani ajin zai fita da sabon kwafi ya sake cike gidajen 96, a jera taswirorin biyu a bango a ƙirga gidajen da shuɗin launi ya bari.